Amanar Magana ko Amanar Inji: Muhawara kan Fassarar Bidiyon Gyaran Babur

Yawancin bidiyon koyar da gyaran babur da ke yawo a wayoyin yaran gareji daga waje suka zo, wasu da Turanci, wasu da Indiyanci, wasu kuma da harsunan da ba mai jin ko kalma ɗaya a cikinsu. Yaro yana kallon hannun mai gyaran yana kwaikwaya, abin da bakin mutumin ke faɗa kuwa iska ke ɗauka. Yanzu an sami masu mayar da irin waɗannan bidiyo Hausa, da rubutun ƙasan allo da kuma ɗora murya, kuma tun ba a je ko'ina ba gardama ta tashi a tsakaninsu. Wasu na ganin mai fassara ba shi da hurumin ƙara ko rage komai a kan abin da mai bidiyon ya faɗa. Wasu kuma na cewa bakanike ake koyarwa, ba ɗalibin harshe ba, don haka duk abin da zai sa yaron ya gyara injin daidai, shi ne fassara.

Gardamar ba za ta fito fili ba sai an ɗora ta a kan aiki guda. Bidiyon da na ga an yi ta a kansa na saita tazarar bawul ne, aikin da a gareji ake kira saitin tapet, a injin Honda CG125. Wannan inji ya fito tun 1975, an ƙera shi ne musamman don ƙasashen da babur ke shan wahala ba a kula da shi sosai, kuma babura da yawa 'yan China da ke kan titunanmu a kan tsarinsa aka gina injinsu. Mai bidiyon Bature ne, yana magana yana aiki. Ya cire murfin saman inji, ya buɗe ramin leƙen maganeto, ya juya injin har alamar T ta daidaita da tsagar da ke jikin murfin, ya girgiza roka biyun da yatsa, sannan ya faɗi jimlar da duk rigimar ta taru a kanta. Ga yadda take a fayil ɗin rubutun na asali:

```
57
00:04:12,000 --> 00:04:15,500
Set both to three thou, cold,
on the compression stroke.
```

Daƙiƙa uku da rabi kacal, amma sharuɗɗa uku ne a ciki: yawan tazarar, yanayin injin, da inda fistin yake. Wanda ya rasa ɗaya daga cikinsu ya ɓata aikin.

Mai kare ɓangaren farko wata malama ce da ta daɗe tana fassarar saƙonnin lafiya da na rediyo, kuma ta san ƙa'idar rubutun ƙasan allo ciki da waje. Hujjarta ba ta da rauni ko kaɗan. Ta ce mai fassara ba bakanike ba ne, bai taɓa riƙe sifana ba, to da wane ilimi zai gyara wa mai sana'a maganarsa? Ranar da aka buɗe masa ƙofar ƙari, zai ƙara abin da ya ji a bakin titi, kuma mai kallo ba shi da hanyar bambance maganar mai bidiyon da ta wanda ya fassara, tunda murya ɗaya ce ke shiga kunnensa. Idan inji ya ƙone, mai bidiyon za a zaga alhali bai faɗi haka ba. A wurinta amana ita ce a isar da abin da aka ce, idan akwai kuskure a ciki ya zama na mai shi.

Tana da hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi a ganina, wato ƙarancin wuri. Ƙa'idar da manyan kamfanonin fina-finai irin su Netflix ke bi ita ce layi biyu a allo, kowane layi kada ya wuce haruffa 42, kuma rubutu ɗaya kada ya zauna fiye da daƙiƙa 7. Saurin karatun da ake ɗauka ga babban mutum wajen haruffa 17 ne zuwa 20 a daƙiƙa, gwargwadon harshen. Idan aka ɗauki 17, daƙiƙa uku da rabi ba za su ɗauki fiye da haruffa 60 ba. To ga cikakkiyar Hausar jimlar nan: “Ka saita tazarar bawul ɗin biyu a kan milimita 0.08, injin yana sanyi, fistin kuma yana can sama a lokacin da yake matse iska.” Ta haura haruffa 120, ninki biyu na abin da wurin zai ɗauka. Ta ce wanda bai ma sami inda zai zuba abin da aka faɗa ba, ina zai sami wurin nasa ƙarin?

Sai dai ita kanta jimlar da ta kawo misali da ita ta riga ta karya ƙa'idarta, domin Baturen bai ce milimita 0.08 ba. Cewa ya yi `three thou`, kuma a bakin masu aikin ƙarfe na Ingila da Amurka wannan na nufin kashi uku cikin dubu na inci ɗaya, wato inci 0.003. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka inci 0.003 ya zama milimita 0.076, wanda ake cika shi zuwa 0.08, kuma shi ne adadin da littafin CG125 ya bayar ga bawul biyun. Mai fassarar da ya bi kalma da kalma zai rubuta “dubu uku”, yaro ya tsaya yana tunanin ko kuɗin aikin ake faɗa. Wanda ya ɗan fi shi wayo zai rubuta 0.003 ya bar ma'aunin a buɗe, yaron da ya saba da milimita ya duba fila gejinsa ganye bayan ganye bai ga mai wannan sirantar ba, daga nan sai ya ɗaure sukurun har tazarar ta rufe gaba ɗaya. Ashe tun kafin a kai ga maganar ƙari, sai mai fassara ya san abin da ke faruwa a cikin injin kafin ya iya faɗin abin da aka faɗa.

Da na gaya mata haka ba ta musa ba. Ta ce sauya ma'auni fassara ce, ba ƙari ba ne, kamar yadda ake mayar da mil zuwa kilomita. Na yarda. Amma iyakar da ta shata ta ɗan matsa.

Mai riƙe da ɗaya ɓangaren wani dattijon bakaniken babura ne da ya yi furfura a sana'ar, wanda aka kira ya saurari fassarar kafin a sake ta. Shi ko kallon rubutun ƙasan bai yi ba. Ya ce, “Malama, yarona hannunsa duk baƙin mai, wayar tana jingine a kan tankin mashin, ido ɗaya a kan roka. Yaushe zai karanta? Wasu ma allo suka yi, bokon sai a hankali. Ki sa masa murya, kuma ki yi masa magana yadda nake yi masa.” Daga nan ya shiga lissafa abin da Baturen ya tsallake domin yana ganin kowa ya sani.

Abu na farko da ya kama shi ne alamar T. Injin babur irin wannan sai ya juya sau biyu kafin ya kammala zagaye ɗaya na shan mai, matsewa, tashin wuta da fitar da hayaƙi. Saboda haka alamar T tana zuwa bakin ramin leƙe sau biyu, kuma a duka biyun fistin yana sama. A zuwa ɗaya bawul biyun a rufe suke ruf, roka biyun sun saki, idan ka kama su da yatsa za ka ji suna ɗan motsi. Nan ake saiti. A ɗaya zuwan kuwa bawul ɗin hayaƙi yana gama rufewa, na shan mai yana fara buɗewa, roka biyun a danne suke ba sa motsi. Yaron da ya yi saiti a nan zai yi ta sassauta sukuru har ganyen 0.08 ya shiga, ya ɗaure, ya ga kamar ya gama. Da injin ya juyo wurin gaskiya, tazarar ta zama wagege. Za a tayar da mashin a ji kansa yana ƙara kamar keken ɗinki, ƙarfi ya ragu, mai shi ya dawo da rigima. Baturen ya girgiza roka da yatsansa a bidiyon, amma bai ce uffan a kan dalilin girgizawar ba. Dattijon ya ce dole muryar Hausa ta faɗi wannan: idan roka ba sa motsi, ka sake juya injin zagaye ɗaya cikakke har T ta dawo. Ya kuma ce a gargaɗi yaro kada ya tsaya a alamar F da ke kusa da ita, domin waccan ta lokacin tashin wuta ce.

Abu na biyu shi ne kalmar sanyi. Littattafan gyara na Honda sun saba fayyace cewa injin mai sanyi shi ne wanda zafinsa ke ƙasa da digiri 35. A Ingila wannan ba abin tsayawa bayani ba ne. A Kano ko Sakkwato ko Zinder kuwa, a watan Afrilu iska kanta tana haura digiri 40 da rana, balle ƙarfen da ya yini a rana ko wanda ɗan acaba ya kashe yanzu yana tsaye yana cewa a yi masa sauri. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, awon da aka yi a kan inji mai zafi ba shi ne awon da littafi ke nufi ba. A nan “injin da sanyi” fassara ce daidai amma ba ta isa ba. Abin da bakanike zai gane shi ne a ce masa mashin ya kwana bai tashi ba, a yi aikin da safe, ko a ƙalla a bar shi a inuwa har a iya ɗora tafin hannu a kan silinda ba a ji ɗumi ba.

Har nan ina tare da dattijon. Inda muka rabu shi ne lokacin da ya ce a cire maganar fila geji gaba ɗaya, a ce wa yara su yi amfani da reza, domin shi da ita ya koya, wani lokaci ma da kunne kawai yake saitawa. Maganarsa tana da rabin gaskiya. Reza mai baki biyu kaurinta yana wajen milimita 0.1, bai yi nisa da 0.08 ba, kuma a wannan injin ɗan sakin da za a samu ba zai kashe shi ba, sai dai ɗan ƙara. Amma akwai ƙananan injinan Honda irin na Cub da littafinsu ke neman 0.05, inda reza ta ninka abin da ake so, kuma yaron da ya ji a bidiyo cewa reza ta isa zai kai ta kan kowane inji. Kunnen dattijon kuma na shekaru ne, ba ya shiga cikin waya. Wannan shi ne ainihin abin da malamar ke tsoro: a fake da sauƙaƙawa a sa wa mai bidiyon maganar da da ya ji ta zai yi tsalle ya ce ba tasa ba ce. Da aka kai nan, sai ga hujjarta ta dawo da ƙarfinta.

Akwai wani da ya shigo maganar ta wata ƙofa daban, wani mai gareji a layin, wanda ya ɗauka ana shawarar ko a fassara bidiyon ne ko kada a fassara. Ya ce in kowane ɗan acaba ya iya saita tapet a ƙofar gidansa, su kuma su ci me? Dattijon ya ce masa, “Kwantar da hankalinka, Alhaji. Wanda ya saita a gida, jibi zai kawo maka ka gyara.” Aka yi dariya aka wuce, ko da yake ban tabbata mutumin ya gamsu ba.

Abin da ya fi ba ni haske a muhawarar ya fito ne daga matashin da ke haɗa sauti da hoto, wanda bai ɗauki ɓangare ba, ya dai nuna cewa mutanen biyu ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Malamar tana tunanin rubutu, dattijon yana tunanin murya, kuma kowanne da abin da yake iyawa. Rubutu ya fi murya riƙe lamba. A baki, “sifili ɗigo sifili takwas” da “sifili ɗigo takwas” kalma ɗaya ce ta raba su, kuma a gareji mai janareta da hayaniyar salansa kalma ɗaya ba ta da wuyar ɓacewa. Bambancin kuwa ninki goma ne: 0.8 ya fi kusa da tazarar bakin fulogi, wadda a wannan injin take 0.6 zuwa 0.7. A allo ido yana ganin sifilin, kuma ana iya tsayar da bidiyon a gwada da lambar da aka buga a jikin ganyen fila geji. Ganyaye da yawa suna ɗauke da lambobin biyu, ta inci da ta milimita, shi ya sa barin duka biyun a rubutun yake da amfani. Ita kuma murya ta fi rubutu iya bayani, domin ba ta ɗauke ido daga hannun mai gyaran, kuma tana iya shiga wuraren da Baturen ya yi shiru.

Wuraren shirun nan su ne suka warware matsalar haruffa 120. Bayan jimlar, mai bidiyon ya yi kusan daƙiƙa huɗu yana laluben ganyen da yake so bai ce komai ba. Sai aka raba rubutun gida biyu, na biyun ya ari wannan shirun:

```
57
00:04:12,000 --> 00:04:15,500
Tazarar bawul biyun: 0.08 mm
(inci 0.003), injin da sanyi.

58
00:04:15,600 --> 00:04:19,500
Sai alamar T ta daidaita,
kuma roka biyun suna motsi.
```

Na farkon haruffa 57 ne, ya shiga cikin 60 da ake da su. A lura da abin da ya faru da na biyun: maganar lokacin matse iska ta ɓace, an maye gurbinta da alamomin da yaro zai gani da idonsa ya taɓa da yatsansa. Ba kalmomin Baturen ba ne, amma abin da hannunsa ya yi ne daƙiƙu kaɗan kafin nan. Malamar ta daɗe tana kallon wannan layin kafin ta ce za ta iya sa hannu a kansa, bisa hujjar cewa hoton ma yana cikin abin da ake fassarawa. A ganina wannan ita ce magana mafi muhimmanci da aka yi a zaman. A fim, baki ne ke ɗauke da labari. A bidiyon gyara, hannu ne malami, baki ɗan rakiya ne, kuma mai fassarar da ya karɓi rubutun maganar kawai bai kalli bidiyon ba, rabin aikin aka ba shi.

Murya kuma tana da nata tarkon. Masu kallonmu sun saba da fassarar fina-finan Indiya irin ta Algaita, inda mai murya ke da 'yancin sa barkwanci da karin magana, kuma ba wanda ya damu idan maganar ta riga hoton ko ta biyo bayansa da daƙiƙa ɗaya. A nan ba haka ba ne. Baturen yana yawan cewa “wannan” da “nan” yana nunawa da tsinin sukudireba. Hausar ta fi tsawo, saboda haka idan ba a kula ba, sai “wannan” ɗin ta faɗo bayan hannun ya riga ya koma kan ɗaya bawul ɗin. A CG125 abin bai yi muni ba tunda tazarar biyun ɗaya ce, amma akwai injina da yawa da bawul ɗin hayaƙi ke neman tazara fiye da na shan mai, a can jinkirin daƙiƙa biyu ya isa ya sa a musanya su. Maganin da matashin ya kawo mai sauƙi ne: a daina cewa “wannan”, a kira kowanne da inda yake, na ɓangaren kaburata da na ɓangaren salansa. Ko muryar ta makara, sunan ba zai ruɗa kowa ba. Haka aka yi da wajen da ake juya injin. Maimakon a kawo maganar hannun agogo ga yaron da agogonsa na cikin waya ne, aka ce a juya ta wajen da ake kwance noti.

Akwai wuri ɗaya da dole murya da hoto su faɗo tare, ba a yarda da ko rabin daƙiƙa ba, wato lokacin ɗaure notin da ke riƙe sukurun saiti. Idan aka ja notin ba a riƙe sukurun ba, sukurun yakan bi shi ya juya, tazarar ta matse. Gargaɗin “riƙe sukurun” dole ya shiga kunne kafin sifana ta motsa a allo, ba bayan ta motsa ba, ko da hakan na nufin a juya tsarin jimlar Baturen a fara da ƙarshenta. Sannan a sake zura ganyen bayan an ɗaure, a ji yana shiga da ɗan ja kaɗan, ba a sake ba kuma ba da ƙarfi ba. Matsewar nan ta fi saki haɗari, kuma ita ce ba ta da ƙara. Bawul ɗin da ba ya zama daram a mazauninsa ba ya sauke zafinsa, iska tana zurarewa, kik ya yi laushi a ƙafa, mashin ya riƙa wuyar tashi ko ya mutu idan ya yi zafi, a ƙarshe bakin bawul ɗin hayaƙi ya ƙone. Yaron da ya ji injin ya yi shiru zai ɗauka ya ƙware.

Maganar sunayen kayan aiki ba ta ɗauki lokaci ba, domin ba wanda ya tsaya kare ƙirƙirar sababbin kalmomi. Bawul, fistin, fulogi, kaburata, roka: da su ake sayen kayan a kasuwa, wanda ya je shagon sifiya da wani suna daban zai dawo hannu rabbana. Sai dai wani ɗan kabu-kabu daga Maraɗi da ke wurin ya ce shi fa a garinsu fulogi buji ne, bawul kuma supap, sifana kile, kuma a makarantarsu da waƙafi ake rubuta 0,08, ba da ɗigo ba. Ya tambaya, cikin raha, ko Hausar Kano kaɗai aka yi wa bidiyon. Ba a ba shi cikakkiyar amsa ba. A murya ana iya faɗin sunayen biyu a karon farko da abin ya bayyana, daga nan a ci gaba da ɗaya. A rubutu babu wurin haka. Wasu sun ce a yi fayil biyu, wasu sun ce bakanikan kan iyaka sun san duka biyun. An tashi a kan haka.

Shi kansa fayil ɗin rubutun yana da matsalar da ba ta shafi fassara ba amma tana iya kashe ta. Bidiyo a nan ba a kan intanet yake tsayawa ba, ta Xender da katin waya da wurin masu tura fina-finai yake tafiya, kuma fayil ɗin `.srt` ba ya bin sa. Dole a ƙona rubutun a jikin hoton. Kafin a ƙona kuma a tabbatar an ajiye fayil ɗin a `UTF-8` kuma salon haruffan da aka zaɓa yana da ɓ, ɗ da ƙ, in ba haka ba duk inda aka rubuta “ɗaure” wani ɗan akwati ne zai fito a madadin harafin farko. A kuma duba inda rubutun ya zauna, domin a bidiyon gyara sau da yawa hannun da sifanar a ƙasan allo suke, daidai inda rubutu ya saba zama. Idan ya rufe notin da ake magana a kansa, a ɗaga shi sama.

To ina aka kwana a kan ƙari? Hukuncina ya fi karkata ga dattijon, amma da sharaɗin malamar. Duk abin da hoton ya nuna baki bai faɗa ba, kamar girgiza roka da riƙe sukuru, mai fassara ya faɗe shi kai tsaye, ba ƙari ba ne. Duk abin da yanayinmu ya sauya wa ma'ana, kamar sanyin inji, a faɗe shi, amma a raba shi da maganar mai bidiyon ta yadda mai sauraro zai gane: wata murya daban, ko a buɗe da “ƙarin bayani daga masu fassara”, a rubutu kuma wani launi daban. Idan wurin bai isa ba, a tsayar da hoton na 'yan daƙiƙu, da izinin mai bidiyon, wanda dama sai an nema kafin a taɓa aikinsa. Lamba kuwa ba a taɓa ta sai don sauya ma'auni, kuma a bar ta asalin a gefenta. Dabarun gareji irin na reza ba su da wuri a bakin wanda bai faɗe su ba. In dattijon yana son koyar da su, ga kyamara nan, ya yi nasa bidiyon da sunansa, kuma zan so in kalla.

Abin da ban iya yanke wa hukunci ba shi ne idan mai bidiyon ne da kansa ya yi kuskure, misali ya faɗi lambar da ta saɓa wa littafin injin. Malamar ta ce a fassara yadda ya faɗa a sa gargaɗi. Dattijon ya ce yaro abin da ya fara ji shi yake riƙewa, don haka a gyara kawai. Ni na fi ganin a ajiye irin wannan bidiyon a nemi wani, amma na san wanda aka biya kuɗin fassara ba koyaushe yake da wannan zaɓin ba.

Ga masu ɗaukar nauyin irin wannan aiki, roƙona ɗaya ne. Kafin ku saki bidiyon, ku ba yaron gareji da bai taɓa saita tapet ba waya da fila geji da mashin da ya kwana, ku koma gefe ku yi shiru, bakanike ya auna tazarar bayan ya gama. In ganyen 0.08 ya shiga da ɗan ja a bawul biyun, ku sake shi. In bai shiga ba, ko ya shige a sake, ku tambayi yaron a wane minti ya ruɗe, ku koma kan wannan layin.